Kafin a Ajiye Waya a Kan Tabarma: Neman Izinin Naɗar Taro a Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ke halartar tarukan kwamitoci a Birnin Kudu ko Gwaram ya san wannan yanayi. An shimfiɗa tabarmi a harabar asibitin mazaɓa ko an jera bencina a ajin firamare, liman ya buɗe taro da addu'a, sai sakatare ya zaro wayarsa ya ɗan lallatsa, ya kife ta a gabansa. Wasu sun gani sun gane, wasu sun ɗauka yana duba lokaci ne. Da can aikin sakatare littafi ne da biro, abin da hannunsa ya kama shi ke shiga bayanin taro, saura kuwa iska ta tafi da shi. Yanzu waya tana kama tari da raɗa da ɓarin baki, ga kuma manhajojin da ke mayar da magana rubutu cikin 'yan mintoci. Hujjar wannan jagora guda ce: izinin naɗar taro yana zama izini ne kawai idan mutum zai iya cewa a'a ba tare da ya ji kunya ko ya yi asarar komai ba, kuma idan ya san inda muryarsa za ta je bayan an tashi. Duk matakan da ke tafe daga nan suka fito.

Mu fara da doka, tunda da yawa suna ɗauka babu ita. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar da ke sa ido a kan lamarin, mai hedikwata a Abuja. A ƙarƙashinta, murya da suna da abin da mutum ya faɗa a taro duk bayanansa ne, naɗar su da ajiye su da tura su kuma sarrafawa ne. Sashe na 26 ya yi magana a kan amincewa da kalmomin da kamar don tarukanmu aka rubuta su: shiru ko rashin motsi ba ya zama amincewa, nauyin tabbatar da cewa an amince yana kan wanda ya karɓi bayanan, ana iya amincewa da baki ko a rubuce ko ta na'ura, kuma dole a shaida wa mutum tun kafin ya amsa cewa yana da damar janyewa. Sashe na 30 ya ware wasu bayanai da aka ƙara tsaurara wa tsaro, ciki har da lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Wanda ya taɓa zama a taron sulhun manomi da makiyayi, ko taron kwamitin asibiti, ya san cewa da wuya a yi rabin sa'a ba a taɓo ɗaya daga cikin waɗannan ba. Akwai sassauci ga abin da mutum ya naɗa don amfanin kansa ko na gidansa kawai, amma sakataren kwamiti da ma'aikacin ƙungiyar agaji da ɗalibin da ya zo bincike daga Dutse ko Kano ba sa cikin wannan rumfa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki izinin a matsayin abu ɗaya, alhali uku ne a ƙulle wuri guda. Akwai izinin naɗa, akwai izinin mayarwa rubutu, akwai izinin ajiyewa da rabawa. Dattijuwar da ta yarda sakatare ya naɗi muryarta don kada ya manta abin da aka tsayar, ta yarda ne da ɗan unguwarsu wanda ta san uwarsa. Ba ta yarda a loda muryar a rumbun wani kamfani a Amurka ko Turai ba, ba ta kuma yarda a jefa ta a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba. Idan aka tambaye ta ɗaya aka yi uku, an ci amanarta, ko da kuwa babu mugun nufi. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa abin da aka faɗa a majalisi amana ne, kuma wannan fahimta ta fi saurin shiga kunnen mahalarta a kan lambar sashen doka. Saboda haka kafin sakatare ya nemi izinin kowa, sai ya zauna da shugaban kwamiti su amsa wa kansu tambayoyin da za a yi musu: me ya sa ake son naɗar, wayar wa za a yi amfani da ita, wa zai saurara, da me za a rubuta, kwana nawa za a ajiye, wa zai goge. Wanda bai da amsar waɗannan bai kai ga neman izini ba tukuna. Sau da yawa ma, garin amsa tambayar farko ake gano cewa littafi da biro sun wadatar.

A ɗauki misali ƙirƙirarre amma irin wanda ake yi kullum. Kwamitin ci gaban mazaɓa a wani gari na ƙaramar hukumar Gwaram zai zauna ranar Laraba don gano dalilin da ya sa mata ke zuwa awon ciki amma su haihu a gida. Mutum 24 aka gayyata: dagaci, liman, jami'in asibiti, unguwarzoma biyu, shugabar mata, wakilin direbobi, ardo daga rugar da ke kusa, da sauransu. Matakin farko yana faruwa ne tun ranar da aka aika gayyata, kwana uku ko huɗu kafin taro. Wanda ya kai saƙo, da ƙafa ne ko ta waya, ya haɗa da cewa ana son naɗar muryoyi, ga dalili, kuma wanda ba ya so ya gaya wa sakatare ko shugabar mata a keɓe, za a yi masa tanadi. Wannan rata ta kwanaki ita ce ƙashin bayan aikin duka. A gaban dagaci da liman, idan aka ce "akwai wanda bai yarda ba?", unguwarzoma ba za ta ɗaga hannu ba ko da ranta yana ƙuna, domin ƙi a bainar jama'a kamar nuna wa manya yatsa ne. Amma a soron gidanta, ko ta bakin shugabar mata, za ta iya cewa ita dai kada a ɗauki tata. Akwai kuma matan da za su so su shawarci mazajensu kafin su amsa. Ko mutum ya ga dacewar hakan ko bai gani ba, hana su lokacin shawarar ba ya ƙara musu 'yanci, sai dai ya sa su zo su zauna su yi gum. Abin lura shi ne amincewar miji ba ta maye gurbin tata, dole a ji daga bakinta.

Ranar taro, bayan addu'a da gaisuwa, waya tana a kashe tukuna, sakatare ya miƙe ya yi sanarwa. Ga yadda za ta iya kasancewa: "Ranka ya daɗe, Allah ya gafarta malam, iyayenmu mata, jama'a, kamar yadda aka sanar da ku, muna so mu naɗi muryoyin wannan zama da wayar nan da kuke gani, don in rubuta bayanin taro daidai. Ni da shugaba kaɗai za mu saurara. Zan yi amfani da wata manhaja a kwamfutar ofis ta taimaka mini da rubutu, kuma muryar ba za ta fita daga kwamfutar ba. Da zarar an karanta bayanin a zama na gaba kun amince da shi, za a goge. Wanda ba ya so a ɗauki muryarsa, idan zai yi magana ya ce mini in tsayar, zan tsayar in rubuta da hannu, kuma maganarsa tana da nauyi daidai da ta kowa. Wanda ya yarda yau gobe ya sake shawara, ya same ni ko ya kira ni, zan cire tasa." Ba ta kai minti biyu ba. Idan akwai wanda Fulatanci ya fi zama masa daidai, kamar ardo da mutanensa, a sami wanda zai maimaita da harshensu, domin gyaɗa kai ga sanarwar da aka fahimci rabinta ba ya cikin abin da doka ke kira amincewa. Daga nan a bi mutane ɗaya bayan ɗaya. A takardar halarta a ƙara gurbi uku a gaban kowane suna, na naɗa, na manhaja, na ambaton suna a rahoto, mutum ya sa hannu ko ya dangwala. Inda takarda ke tsorata mutane, kuma a karkara tana yi, domin an sha sa su dangwale a kan abin da ba su sani ba, to a karɓa da baki: a kunna waya, kowa ya faɗi sunansa ya ce ya yarda, a ajiye wannan guntun a fayil dabam. Kada a cike guraben tun daga gida a ce wanda bai so ya soke, dokar ta hana irin wannan.

Sauran aikin cikin taron na lura ne. Waya ta zauna a fili inda kowa ke ganinta, fuskarta a sama. Wanda ya makara, kuma ba a rasa mutum uku ko huɗu, a tsayar a yi masa bayani a taƙaice kafin ya buɗe baki. A tsayar lokacin sallah da lokacin cin abinci, a kuma kashe da zarar an yi addu'ar rufewa, domin maganar da ta fi haɗari ita ce wadda ake yi ana neman takalma. Idan a misalinmu unguwarzoma ta soma ba da labarin wata mata da ta yi ɓari, ta kama sunanta da na mijinta, shugaba ya dakatar da ita cikin ladabi ya ce, "Inna, a bar sunan." Matar da ake magana a kanta ba ta wurin, ba wanda ya tambaye ta, kuma batun lafiyarta ne. Sakatare ya rubuta mintin da abin ya faru, a ce minti na 41, don ya yanke shi daga baya. Idan kuma akwai yara a zaman, kamar ɗaliban da ke cikin kwamitin kula da makaranta, izinin iyaye ko waliyyi ake nema.

Yanzu ga batun manhaja, wanda a nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya ke zamewa. Iri biyu ne. Akwai waɗanda ke tura muryar ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani, a can a sarrafa a dawo da rubutu, kuma mafi yawan waɗanda ake saukewa a waya haka suke. Akwai kuma waɗanda ke aiki a cikin na'urarka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kashe data da Wi-Fi, ka ba ta guntuwar murya wadda ba ta da wani sirri. Idan ta ƙi aiki, to waje take kaiwa. Idan ta yi, alama ce mai kyau, ko da yake wasu kan loda kwafi daga baya idan data ta dawo, don haka a leƙa saitinta. Ga nau'in farko, abubuwa uku ake dubawa a sharuɗɗan kamfanin: tsawon lokacin da yake riƙe muryar, ko yana amfani da ita wajen horar da manhajarsa, da ko ma'aikatansa na iya saurara. Dokar 2023 ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa a sassa na 41 zuwa 43, kuma hanyar da ta fi sauƙi ga ƙaramin kwamiti ita ce a faɗa wa mutane ƙarara cewa muryar za ta tafi wajen wani kamfani a ƙasar waje, ga haɗarin da ke ciki, su yarda ko su ƙi. Idan sakatare ya ji nauyin furta wannan jimla a gaban jama'a, wannan nauyin kansa amsa ce. Ga taron da ya shafi lafiya ko rikicin gona ko aure, shawarata ita ce kada a loda ko kaɗan.

Wanda ke da kwamfuta mai ɗan ƙarfi yana iya amfani da Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar kyauta a watan Satumbar 2022, kuma Hausa tana cikin harsunan da ta lissafa. Sau ɗaya ake sauke ta, matsakaicin samfurinta ya kai kusan gigabait ɗaya da rabi, daga nan tana aiki ba intanet. Kafin a ba ta komai, a fara yanke abin da bai kamata ya shiga ba. A misalinmu, idan sunan matar ya fito tsakanin minti na 41 da na 43, sai a raba fayil ɗin da ffmpeg, a rubuta kowane kashi:

```
ffmpeg -i taro.m4a -to 00:41:00 -c copy kashi1.m4a
ffmpeg -i taro.m4a -ss 00:43:00 -c copy kashi2.m4a
whisper kashi1.m4a kashi2.m4a --language ha --model medium
```

Haka ake yi idan wani ya janye izininsa bayan taro: a nemo inda ya yi magana a yanke, a goge asalin fayil ɗin, a share layukansa daga rubutun. Amma kada a ruɗu da abin da manhajar ta fitar. Hausarta rarrauna ce idan aka gwada da Turancinta, tana rikicewa idan mutum biyu suka yi magana tare ko aka sauya zuwa Fulatanci, kuma tana da wata mummunar ɗabi'a ta ƙirƙiro jimlar da ba wanda ya faɗa, musamman inda aka yi shiru ko hayaniyar janareto ta rufe magana. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton wannan matsala a watan Oktoban 2024, har a asibitocin Amurka da ke amfani da ita. Alamominta su ne jimla guda ta yi ta maimaituwa, ko rubutu ya fito sumul a wurin da ka san ba a ce komai ba. Hausa kuma tana da nata tarkon: korewa kan rataya ne a kan ɗan guntun "ba", idan ya faɗi, "ban yarda ba" na iya komawa wani abu dabam, a rubuta wa ardo amincewa da abin da ya ƙi. Shi ya sa rubutun na'ura daftari ne kawai. Sakatare ya sa abin sauraro a kunne ya bi shi layi-layi, kuma taron sa'a ɗaya zai iya cin masa sa'o'i uku ko fiye. Mutane sun ba da izinin a rubuta abin da suka faɗa ne, kuma karanta bayanin a zama na gaba shi ke ba su damar cewa a'a, ba haka na ce ba.

Tarukan intanet suna da nasu salon. Ma'aikatan lafiya da malamai a Birnin Kudu sukan shiga horo ta Zoom ko Google Meet ko Teams, kuma waɗannan suna nuna sanarwa idan mai taron ya fara naɗa. Sanarwar tana da amfani amma ba ta isa ba: da Turanci take zuwa ga mafi yawan mutane, zaɓin da Zoom ke bayarwa shi ne ka zauna ko ka fita, kuma idan mutum biyar suka taru a kan waya ɗaya, mai riƙe da ita kaɗai ya danna. Sannan akwai manhajoji irin su Otter da ke shiga taro kamar baƙo, da suna a jerin mahalarta, suna rubuta komai, wani lokaci ma su aika wa waɗanda aka gayyata taƙaitaccen bayani da kansu. Mai taro ya duba jerin, idan ya ga sunan da ba na mutum ba ya tambayi wanda ya kawo shi, ya fitar da shi har sai kowa ya yarda.

Akwai masu cewa duk wannan zai tsorata mutane su ƙi magana. Gaskiya ne wasu za su tauna kafin su furta, kuma haƙƙinsu ne. Amma a auna da abin da ke faruwa idan aka naɗa a ɓoye, wata rana muryar wani tana sukar jami'in asibiti ta ɓulla a wayoyin 'yan kasuwar Sara. Daga ranar, wannan kwamiti ya rasa bakin mutanensa, kuma ba a dawo da shi da ban haƙuri. Wasu kuma kan ce ai dagaci ya yarda, shi ne uban ƙasa. Izininsa na a yi taro a ƙasarsa ne, kuma wajibi ne a nema, amma muryar kowa tasa ce. Dagacin da aka yi wa bayani tun da wuri shi ne ma mafi alherin mai taimako, domin idan ya ce da bakinsa wanda bai so ba laifi, ya sauke wa talakawansa rabin nauyin. Masu ilimin doka za su ƙara da cewa amincewa ɗaya ce kawai daga cikin dalilan da sashe na 25 na Dokar 2023 ya halatta, akwai aikin hukuma da wajibcin doka da sauransu. Haka ne, kuma zaman majalisar kansiloli ko kwamitin ladabtar da ma'aikaci na iya dogara da waɗannan. Sai dai ko a can wajibcin sanarwa bai faɗi ba, sashe na 27 yana nan. Kuma gara a ce wa mutum "za a naɗa, ga dalili" a kan a yi masa tambayar da amsarta ba za ta canza komai ba, domin shugaban da ke tambayar na ƙasa da shi ko ya yarda, alhali albashinsa na hannunsa, wasan kwaikwayo yake yi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na mai rauni: wanda aka sha yi masa alƙawari a taro a musanta, ko manomin da ke tsoron a juya maganar diyyar da aka yanke masa. A wurinsa naɗar sirri garkuwa ce, kuma kotunan Najeriya na iya karɓar shaidar na'ura bisa sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Ba zan ce wanda ake zalunta ba shi da uzuri ba. Amma wannan jagora ta masu shirya taro ce, kuma su suna da maganin da ya fi: a naɗa a fili ɓangaren yanke hukunci kaɗai. A yi muhawara waya a kashe, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, idan an cimma matsaya a kunna, shugaba ya karanta abin da aka tsayar, buhu nawa, naira nawa, zuwa yaushe, ɓangarorin biyu su ce sun ji sun yarda, a ba kowannensu kwafi. Minti biyar ke nan a madadin sa'a biyu, kuma babu zagin da aka yi cikin fushi a ciki.

Saura gogewa, wadda ita ce alƙawarin da aka fi saɓawa, galibi don mantuwa. Naɗin sa'a ɗaya bai fi megabait 30 zuwa 60 ba, don haka yana iya shekara a waya ba wanda ya lura, har ranar da aka kai ta wurin mai caji ko mai gyara, ko yaro ya ɗauka yana neman waƙa. A sa wa wayar makulli, a kwashe fayil ɗin zuwa kwamfuta ta igiya a ranar, kada a tura wa kai ta WhatsApp, domin daga nan yana iya shiga ajiyar Google Drive ba da saninka ba. Ranar gogewa a duba wurare huɗu: manhajar naɗa, kwandon shararta, kwamfuta, da asusun kamfanin rubutu idan an yi amfani da shi. A misalinmu na Gwaram, wannan yana faruwa ne a zaman wata mai zuwa: an karanta bayani, ardo ya gyara adadin da aka rubuta masa ba daidai ba, an amince, sakatare ya goge a gaban shugaba da shugabar mata, ya rubuta kwanan wata a ƙasan takardar halartar nan mai gurbi uku, su biyun su sa hannu.